Kashi Biyu Cikin Ɗari

A ofishin ƙungiyar kowa Bin-Diddigi yake ce mata, don aikinta ke nan: ta sa ido a kan kowane aiki, ta auna ko ya yi abin da aka ce zai yi. Ranar da za a tura kasafin aikin gyaran famfunan ƙauyuka ga masu ba da tallafi, akanta ya leƙo ɗakinta yana sosa ƙeya.

"Yaya, an taɓa layinki na kasafin fa. Kashi bakwai cikin ɗari kika sa, Shugaba ya mayar da shi biyu."

Ko mayafinta ba ta gyara ba ta nufi ofishin Shugaba. Ta same shi yana shan shayi, fanka na kaɗa takardun teburinsa.

"Ranka ya daɗe, me layin sa ido ya yi maka?"

"Zauna mana. Mutanen nan sun ƙayyade iyakar abin da za su bayar. Abin da na cire miki zai gyara ƙarin famfuna. Ruwa mutane za su sha ko rahoto?"

"Ban yi zari ba. Aiki irin wannan daga kashi biyar zuwa goma ake warewa, ni tsakiya na tsaya." Ta ƙi zama. "A ciki za a yi binciken farko, mu san yara nawa ke fama da gudawa kafin mu taɓa famfo ko ɗaya. A ciki za a horar da masu tattara bayanai, a biya su, a saya musu wayoyi. Ga man motar zagaye, ga gwajin ruwa, ga mai tantancewa daga waje a ƙarshe. Kashi biyu da ƙyar ya biya shi kaɗai!"

"Ke dai ki yi dabara."

"To a cire alkawarin cewa gudawar yara za ta ragu. Da me zan auna?"

Ya yi dariya. "In na cire wannan, wa zai ba mu ko sisi?"

Haka aka tura, haka kuma aka amince. Kashi biyun aka ajiye wa mai tantancewa, tunda masu tallafi sun wajabta shi. Binciken farko bai yiwu ba. Mota kuwa sai dai ta roƙi injiniya ya rage mata hanya, shi kuma inda ake sabon gyara yake zuwa, ba ya komawa inda ya gama. Kullum famfo mai sabon fenti take gani, ruwa na zuba, mata na guɗa. Sau da yawa ta nemi mai don ta koma tsofaffin wuraren, akanta ya buɗe mata tafin hannu, wai babu kuɗi. Ta kira masu unguwanni da katin wayarta, har mijinta ya fara tambaya ko ita ce ta ɗauki ƙungiyar aiki. Su kuma duk wanda ta kira sai ya ce, "Lafiya lau, mun gode." Wa zai ɓata wa mai kyauta rai?

Da aiki ya ƙare mai tantancewa ya zo, ya zagaya da motarsa. Ya tarar kusan rabin famfunan rukunin farko sun tsaya. Wata roba ce a cikinsu mara inganci, tana cinyewa cikin 'yan watanni, kuma irinta aka ci gaba da sawa har famfo na ƙarshe. Mata sun daɗe da komawa rafi. Batun gudawa kuwa ya rubuta cewa ba za a iya cewa komai ba, don babu alƙaluman farko da za a kwatanta.

Shugaba ya tara ma'aikata, ya buga rahoton a tebur, ya dube ta.

"Ina kike duk wannan ya faru? Ba ke ce mai sa ido ba?"

Ta miƙe, kujera ta faɗi a bayanta.

"Ni kake tambaya? Ka ɗaure mini ƙafa sannan ka ce ban yi gudu ba! Da na koma ƙauyen farko ko sau ɗaya, da an gano robar nan tun ba a sa ta a sauran ba. Ni a zage ni, ba komai. Amma yaran can ruwan rafi suke sha, mu muna nan muna tura hotunan fenti!"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara biyu, ga abin da ya haifar."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana juya makulli a hannu. Shugaba ya ce ta rubuta wa masu tallafi amsa, ta sassauta harshe. Ta ce za ta rubuta, amma abin da ya faru za ta faɗa, in bai yi masa ba ya sa hannu a nasa.

Ta fito tsakar ofis. Injiniya ya biyo ta, ya ce gobe zai je cire robobin da shi ya sa, ko za ta zo.

"Daga ƙauyen farko za mu fara," in ji ta. "Kuma ba zan yi maka magana a hanya ba."