Sunan Rhoda a Layin Kiredit

Ranar Talata da hantsi Jummai ta rasu, kafin la'asar an binne ta. Da 'yan gaisuwa suka watse bayan sadakar bakwai, Malam Muttaka ya tsinci kansa a gidansa na Barkin Sale da akwati uku na littattafai da katin banki guda wanda bai san lambar sirrinsa ba.

Asusun nasa ne, a nan fanshonsa na koyarwa yake sauka. Amma tun da ya yi ritaya matarsa Jummai ke riƙe da katin, a wayarta kuma saƙon banki yake shiga. Shi a ganinsa wanda ya karanta tarihin dauloli bai kamata ya tsaya layin injin cire kuɗi ba. Yanzu ga shi a layin, har cikin bankin. Suka yi masa sabon kati, ya nemi takardar bayanin asusu ta watan da ya wuce, suka buga masa, suka kuma caje shi kuɗin bugawar.

A bakin ƙofa ya duba ta, duban mai sauri. Abu biyu ya gani. A can ƙasa, abin da ya rage bai kai kuɗin buhun gawayi ba. A tsakiya kuma ga sunan Rhoda Zamani yana ta maimaituwa, kowane da kuɗi a gefensa, a ƙarƙashin layin da aka rubuta wa kiredit.

Rhoda ita ce maƙwabciyar rumfar Jummai a Kasuwar Kure, su biyun hatsi suke sayarwa. Malam bai taɓa sonta ba. Dariyarta ta yi masa ƙarfi, kuma tana ce masa Farfesa. Da ciwo ya kwantar da Jummai, ita aka bar wa makullin rumfa.

Mahaifin Malam akawun jirgin ƙasa ne, shi ya koya masa rubuta littafin kuɗi tun yana yaro: abin da ya shigo akwati a hagu, debit, abin da ya fita a dama, kiredit. Da wannan ilimin ya riƙe ma'ajin ƙungiyar malamai ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Saboda haka bai ga abin tambaya ba. Kiredit fita ne. Matar nan ta yi ta kwasar fanshonsa, Jummai na kwance.

Ya tare Keke Napep ya ce Kasuwar Kure. A hanya yana ta shirya kalmomin da zai faɗa mata a gaban 'yan layin hatsi, da ƙarfi, yadda gobe ba wanda zai ba ta ajiyar ko tsintsiya.

Ya same ta tana auna wa wata mata gero.

"A'a, Farfesa! Yau kai ne a kasuwa? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Zauna a benci, bari in sallame ta. Kar ka taɓa wake, ba littafi ba ne."

Ya zauna. Mai geron ta tsaya jayayya a kan cikar mudu, abin ya ja lokaci. Malam ya ga gara ya haɗa jimlar abin da aka ci masa, don zargi da adadi ya fi shiga jiki. Ya sa tabarau, ya zaro biro, ya fara daga layin farko kamar yadda yake duba jarrabawar yara.

Layuka biyar ne a tsaye: kwanan wata, bayani, debit, kiredit, sai balans, wato abin da ya rage bayan kowace shiga ko fita. An buɗe watan da naira dubu shida da ɗari biyu. Ranar uku ga wata fansho ya zo, a makare kamar kullum, dubu saba'in da ɗaya.

Biron ya tsaya. Fanshon a ƙarƙashin kiredit yake.

Ya bi da yatsa zuwa ƙarshen layin. Balans ya tashi zuwa dubu saba'in da bakwai da ɗari biyu. Na ƙasa da shi asibiti, dubu sittin, a debit, balans ya faɗo dubu goma sha bakwai da ɗari biyu. Kantin magani, dubu goma sha huɗu da ɗari biyar, shi ma a debit. Saura dubu biyu da ɗari bakwai, wata bai ko kai goma ba.

Sai Rhoda Zamani, dubu goma sha biyar, kiredit. Balans ya koma dubu goma sha bakwai da ɗari bakwai.

Ya sake lissafawa a gefen takardar, ko lambobin za su ji kunyarsa su canza. Ba su canza ba. Sannan abin ya faɗo masa, abin da ya kamata ɗan akawu ya gane tun a ƙofar banki. Takardar ba littafinsa ba ce, littafin banki ne. Kuɗin da ka ajiye bashi ne a kan banki, in ya ƙaru sai su rubuta maka shi a kiredit, in ka cira su rubuta a debit. Ƙa'idar mahaifinsa ce dai, amma daga ɗaya gefen kanta.

Ya ci gaba har ƙasa, bai tsallake ko 'yan nairorin da ake cirewa na saƙon waya ba. Duk inda balans ya kusa taɓa ƙasa, kwana ɗaya ko biyu sai sunan Rhoda ya bayyana ya ɗaga shi. Sai magani ya sake saukar da shi.

"To, Farfesa, na gama." Ta karkaɗe zaninta, ta leƙo. "Takardar me ce wannan? Ko ka zo ba ni maki ne?"

"Ta banki ce." Ya yi gyaran murya. "Maman Purity, hatsin Jummai nawa ya saura a rumfa?"

"Hatsi? Ai ya ƙare tun kafin azuminku."

"Wannan takardar ta bayan salla ce. Ga sunanki."

Rhoda ta ɗauki mudu ta shiga goge shi, alhali ba abin da ya same shi.

"Yaya Jummai ta ce in sayar in riƙa turawa. Na sayar, na tura. Da ya ƙare, in na je dubiya sai ta ce, Rhoda, kasuwa na tafiya? In ce mata me? Mutum na kwance yana ƙirga kuɗin allura. Na ce tana tafiya."

"Ba ta sani ba ke nan."

"Wa zai gaya mata? Kai?" Ta yi dariyar nan tata, gajeriya wannan karon. "Kai da ba ka san kuɗin mudun masara ba."

"Zan biya ki."

"Biya ni me? Lokacin da baban Purity ya yi hatsari a hanyar Bida, wa ya riƙe mini rumfa wata biyu? Ba ta kawo mini takarda ba. Ka ajiye biron nan, don Allah, kana ba ni tsoro."

Ya mayar da biron aljihu. Kalmomin da ya shirya a Keke suna nan a bakinsa, a jere, da waƙafi da aya. Ya haɗiye su, kuma ba su wuce da sauƙi ba. Ya ce ta auna masa mudun shinkafa. Ta auna, ta ƙara hannu guda, ta tambaye shi ko ya iya dafawa. Ya ce akwai littafi a kan haka. Ta karɓi kuɗinsa, don ta ga in ta ƙi zai mutu a benci.

Da ya isa gida ya ajiye shinkafar a madafa, ya tsaya a ƙofar ɗakin Jummai. A zamansu duka ya gyara mata magana, ya gyara mata lissafi, ya gyara mata ra'ayi a kan mutane, ita kuwa sai ta ce to, Malam, ta ci gaba da abin da take yi. Yau ga magana ta zo masa wadda ya tabbata za ta sa ta dariya har ta riƙe ciki, sai ɗakin ba kowa, katifa a naɗe. Da tana nan, cewa zai yi: Jummai, kin iya zaɓen ƙawa. A wajen miji ne kika yi gaggawa.