Babban Yatsan Rabo

Ƙanena Zaharaddini yana da baki, wannan kam ba a ja mashi. A gurup ɗinmu na dangi a Watsaf, in ya saki magana ɗaya sai ka ajiye waya ka riƙe ciki. Amma bai san inda ake tsayawa ba, ni kuwa na sani, don tsakanin wannan kwanon awarar da nake soyawa da wancan ba abin da nake yi sai karanta mutanen gurup ɗin nan.

Da damina ne Rabo, ɗan kawunmu da ke Gidan Sori, ya zame da moto, wato babur, cikin taɓo a hanyar dawowa daga kasuwar Tibiri, da buhun taki a baya. Wani ya ɗauke shi hoto, taɓo har gira. Zaharaddini ya jefa hoton a gurup ya rubuta: "Taubashi ya shuka kanshi, Allah ya ba da yabanya."

Kai, ranar an sha dariya! Masu turo bokal, saƙon murya, suna magana dariya na sarƙe su. Wasu suka ɗora nasu a kan nashi, wannan ya ce a yi mashi noman farko, wancan ya ce a jira ya tsiro. Rabo da kanshi ya turo murya yana ƙyaƙyatawa: "Ɗan banza, za ka zo hannu." Haka ake gane wasa ya karɓu, in mutane suka ƙara nasu, wanda ake wa kuma ya rama. Taubasai ne, wasan halal ɗinsu ne.

To, a makon nan ne Rabo zai jagoranci manya zuwa Gangara nema wa Zaharaddini auren Lubna. Shi ya san uban yarinyar, shi uban yake jin maganarshi. In Rabo bai je ba, ba wanda zai buɗe masu ƙofar nan.

Washegari Zaharaddini ya yanke fuskar Rabo mai taɓo ya mai da ita sitika. Duk wanda ya yi sallama a gurup sai ya amsa mashi da ita. Aka yi dariya, amma na lura ba bokal ko ɗaya. Fuskar dariya mai hawaye kawai ake liƙawa a gindin saƙon a wuce, irin gaisuwar da kake wa mutum kana kan moto ba ka tsaya ba. Rabo ma ya liƙa tashi ya wuce.

A kwana na uku sai Zaharaddini ya ƙara. Ya rubuta cewa moton Rabo ya tsufa har Habi, matar Rabon, ke turawa kullum kafin ya tashi. Daga nan ya zo rumfata a bakin tashar Gazawa, ya zauna kan benci yana ta murna.

"Yaya Marwa, kin ga ta yau?"

"Na gani. Ba ni wayar."

"Ai ban gama ba, akwai wata." Ya nuna mani: ya haɗa fuskar Rabo da jikin jaki, yatsanshi na kan turawa.

Na fizge wayar da hannuna mai mai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye mashi ba.

"Kai makaho ne? Me Rabo ya amsa maka?"

"Babban yatsa. Ya ce ta yi kenan."

"Ta yi a gidan wa? Mutumin da ya turo maka murya yana dariya, jiya ya koma fuska, yau ya koma yatsa. In aka ce gobe taro aka ɗaga yatsa, an yarda ne. In ka yi wasa aka ɗaga maka yatsa, an ce maka na gani, ya isa."

"Ƙila rezo ne. Kin san Gidan Sori, waya ba ta kamawa sosai."

"Rezo ya bar yatsa ya wuce, ya riƙe dariya?"

Na danne saƙon nashi, na buɗe wurin da ke nuna waɗanda suka karanta. Sunaye reras, har da Habi. Habi da ko kaza ta yi tuntuɓe sai ta cika gurup da fuskokin dariya, ta karanta ta yi gum. Da ba ta gani ba da na ce sharji ne ya ƙare mata. Ta gani.

"Dubi nan kuma," na ce. A ƙarƙashin maganar tashi, Baba Iro, babbanmu, ya tambaya ko an yi ruwa a Gangara, mutane suka rufa a kan tambayar kamar ita suke jira. "Baba Iro bai da gona a Gangara. Tabarma ya shimfiɗa a kan maganarka don a taka a wuce."

Muna cikin haka gurup ya nuna Rabo yana rubutu. Muka zuba ido. Ya daina. Ya sake farawa, ya sake dainawa, ba abin da ya shigo. Nan na ga zufa a goshin ƙanena.

"Ai wasa ne, Yaya."

"Taɓo wasa ne, kowa na faɗuwa. Tsufan moto ba faɗuwa ba ne, rashi ne. Ka kuma sa matarshi a ciki, gaban surukanshi."

"To in ba shi haƙuri a gurup?"

"Ka tara mashi jama'a karo na biyu? Kowa ya dawo ya duba me aka yi mashi? A'a. Goge jakin nan. A gurup ka amsa wa Baba Iro zancen ruwa kamar kowa. Rabo kuwa kira shi, da bakinka."

Ya koma bayan rumfa ya kira. Ina juya awara ina jin "Na'am, Yaya Rabo... wallahi ban sani ba... Allah ya ƙara sauƙi." Da ya dawo ya zauna ya faɗa mani. Ashe takin nan ya narke a ruwa gaba ɗaya, moton bai sake tashi ba, gwiwar Rabo kuma ta kumbura. Dariyar ranar farko ma ta ƙarfin hali ce.

"Zai zo?" na tambaya.

"Ya ce in Allah ya yarda."

Wannan amsar ko ni ban iya karanta ta ba, kuma na ji tsoro.

Ranar tafiya muna tsaye a tasha da manya, Zaharaddini cikin babbar rigar aro da ta yi mashi yawa, sai leƙen kowace mota yake. Can sai ga Rabo ya sauko daga taksi yana ɗingishi, da sanda. Ya dubi Zaharaddini sama da ƙasa, bai yi murmushi ba. Ya ciro waya ya ɗauke shi hoto, ya ce wa manya su shiga mota.

Da la'asar wayoyinmu suka yi ƙara tare. Rabo ne a gurup, da hoton nan: "An ba mu Lubna. Saura a nemo angon, ya ɓace cikin riga."

Gurup ya kama da wuta. Bokal na bin bokal, Baba Iro na tari don dariya, Habi ta jero fuskoki har layi biyu. Na ga yatsun Zaharaddini sun fara gudu a kan waya, ya rubuto amsa mai zafi, na san ta da daɗi. Na bar shi. Ya dubi abin da ya rubuta, ya goge shi. Ya danna bokal ya yi dariya da iyakar ƙarfinshi, ya ce, "Na zo hannu, Yaya Rabo." Ya sa wayar a aljihu, ya share idonshi da hannun rigar.