Turaren Hajiya da Yogot ɗinta

A shagon da ke bakin titin Bodinga, tebur biyu ne, kwamfuta biyu, fanka ɗaya. Zaharaddeen ke zaune kusa da ƙofa, Nasiru daga ciki. Tare suka yi makaranta a Sakkwato, tare suka kama shagon, sana'arsu kuma ɗaya: haɗa wa 'yan kasuwa hoton talla. Sai su ɗauki hoton kayan mutum, su ɗora wa manhajar ƙirƙirar hoto, su rubuta mata da Turanci irin haske da launin da suke so. Rubutun jikin kwalba kuwa da hannu suke mayar da shi daga baya, domin manhajar takan jagwalgwala haruffa.

Zaharaddeen kalmomin 'yan fim ya iya. Yakan ce haske ya shigo ta gefe ɗaya, inuwa ta yi zurfi ta karkata zuwa shuɗi mai sirkin kore, inda haske ya taɓa ya yi ruwan goro, baya ya dushe, a yayyafa tsaki-tsaki irin na tsohon fim. Nasiru kuwa abin da yake rubutawa bai wuce farin bango, haske mai laushi ta ko'ina, launi na gaskiya, komai ya fito tar, a bar fili a gefe don rubutu. Zaharaddeen yana kiran wannan hoton fasfo, Nasiru ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Babbar mai ba Zaharaddeen aiki ita ce Hajiya Ummulkhairi ta Shagari, mai turaren wuta da humra. Shi ya yi mata hoton kasko a cikin duhu, garwashi ja, hayaƙi na murɗawa cikin siririn haske. Daga wannan hoton mata suka fara kiranta daga Abuja, ita kuma duk inda ta zauna sai ta ambaci sunansa.

Da Hajiya ta buɗe sabuwar sana'a, yogot da madarar da ake kawo mata daga Kajiji, sai ta shigo shagon, ta amsa gaisuwar Zaharaddeen, ta wuce teburinsa ta zauna gaban Nasiru.

"Wanga aiki naka na, Nasiru," in ji ta. "Na ga wanda ka yi ma masu ruwan leda. Irinai nika so."

Zaharaddeen ya kafa ido a kan allonsa, amma ba ya ganin komai. Yana jin Nasiru na tambayarta su wa za su sha, tana cewa yara 'yan makaranta da ma'aikatan asibiti, har suna dariya. Da za ta tafi ta ce masa, "Zaharaddini, a yi ta haƙuri da mu," kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ranar ko abincin rana bai ci da Nasiru ba. Kashegari ya ɗauki hoton gorar yogot ɗin daga ma'ajiyar da suke tarayya, ba tare da ya faɗa ba, ya zuba mata duk abin da ya sani. Gorar ta fito a kan baƙin dutse, raɓa na gangarowa, haske na ratsa hazo daga baya. Shi kansa ya san bai taɓa yin hoto mai kyan wannan ba.

Ranar da Nasiru zai kai aiki Shagari, Zaharaddeen ya ce zai raka shi. A falon Hajiya, Nasiru ya buɗe nasa: gora fara a kan fari, cokali a gefe, yogot mai kauri kamar ka sa yatsa. Kafin Hajiya ta yi magana Zaharaddeen ya ajiye kwamfutarsa kusa da ta Nasiru.

"Hajiya, ni ma na taɓa wani abu. A duba dai."

Nasiru ya juyo ya dube shi.

Hajiya ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. "Kai, wanga ya yi kyau," ta ce. Sai ta sa yatsa a gefen gorar, inda inuwa ta faɗa. "Amma mi ya sa nonon ya yi kore nan? Nan kuma ya yi ja-ja. In uwa ta ga wanga, cewa za ta yi ya kwana uku ba wuta."

"Salon launin ke nan, Hajiya. Haka ake yi a fim."

"Turare ana sayen shi don abin da mutum ka ji a rai. Nono ko, so nike a ga tsabta tun daga nesa." Ta koma kan na Nasiru. "Wanga za a buga."

Da abin ya tsaya nan, da Zaharaddeen ya haɗiye. Amma Hajiya ta ƙara da cewa masu sarin turarenta suna ƙorafi. Hoton kasko yana jan ido, sai dai ba sa gane launin humrar ko girman kwalbar, kuma da aka buga shi a babban ƙyallen talla duhun ya cushe. Ta ce Nasiru ya gwada yi wa turaren irin nasa, nan take.

Zaharaddeen ya ji kamar an shiga ɗakinsa da takalmi. Yana zaune Nasiru ya rubuta 'yan kalmominsa, kwalbar humra ta fito a kan farin bango, kowane gefe a bayyane. Hajiya ta tuntsire da dariya.

"Wanga ai maganin tari na! Wa ka shafa wanga ranar biki?"

Daɗi ya kama Zaharaddeen har ya kasa ɓoye murmushi. Daɗin bai daɗe ba, domin Hajiya ta ce duk da haka a yi mata irinsa na kowace kwalba, ta riƙa tura wa 'yan sari su ga kaya yadda suke. Tallan da jama'a za su gani kuwa, na turare, yana nan hannun Zaharaddeen, ba mai taɓa shi.

A hanyar komawa, sun wuce Dandin Mahe kafin Nasiru ya buɗe baki.

"Da ka gaya mini kana so, ai da mun kai biyun tare."

"Gwaji kawai na yi."

"To." Can kuma ya ce, "Na so in sa ɗan hayaƙi bayan kwalaben nan, kada su yi kama da na kemis. Na haɗa kalmominka da nawa ɗazu a waya, hoton ya fito ba fari ba, ba duhu ba, kamar an wanke shi da ruwan kwata. Yaya kake sa hayaƙin ya fito?"

Zaharaddeen ya san amsar sarai. Hayaƙi ba ya fitowa a kan farin bango mai haske ta ko'ina, sai an duhunta baya an hasko shi daga gefe ko daga baya. Jimla ɗaya ce. Ya kalli gonakin gero da ke wucewa ta taga.

"Sa'a ce kawai," ya ce. "Ka yi ta gwadawa."

Nasiru ya gyaɗa kai, ya mayar da wayarsa aljihu. Da suka isa Bodinga ya sauka ya sayo musu rake, ya ajiye wa Zaharaddeen nasa a kan tebur. Har aka kira la'asar raken na nan, Zaharaddeen na jin ƙarar madannan kwamfutar Nasiru a bayansa, yana gwadawa yana gogewa.