Makulli Na Biyu Yana Cikin Ledarsa

Ranar Laraba na sauka daga keke napep a unguwar Dogo Tebo, na laluba jaka, babu ƙaramar fos ɗin da nake sa kuɗi. A cikinta makullin tsaro yake, ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba, wanda nake sokawa a kwamfuta in taɓa kafin akwatin ƙungiyarmu na intanet ya buɗe. A akwatin akwai muryoyin manoma goma sha tara na wajen Nangere, da sunayensu, suna ba da shaida kan mutumin da ya ƙwace musu gonaki. Ni na rantse musu babu mai jin sunansu kafin ranar kotu.

Ban damu sosai ba, don biyu muka saya. Na biyun yana wajen shugabanmu, Baba Babaji.

Ya buɗe durowar ofis ya miƙo min shi yana murmushi, a cikin ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba.

Na ce, "Baba, ba a yi masa rajista ba?"

Ya ce, "Wace rajista, Gumsu? Ba irinsu ɗaya ba? Kwaɗon gidana ma makulli uku ya zo da su."

Wallahi kamar in shaƙe shi, sai dai ni ce sakaryar da ta ba shi ta ce ya adana. Kowane makulli da sirrinsa, ba a yanka wani daga wani. Sai ka shiga akwatin ka gabatar da shi tukuna ake saninsa. Aikin minti biyu ne, na shekara ina cewa gobe.

Akwatin yana buɗe a kwamfutata har lokacin, ban rufe shi ba tun safe. Na je wurin ƙara makulli, ta ce in fara taɓa tsohon. Na je canza kalmar sirri, amsar ɗaya. Takardar neman taimako kuwa ta ce in jira kwanaki.

Baba ya ce, "To ai wanda ya tsinta ba zai iya komai ba sai da kalmar sirri, ko?"

Gaskiyarsa. Amma akwai matsala. Kalmar tana da tsawo, kullum sai na manta, shi ya sa na rubuta ta da adireshin akwatin a bayan katin asibiti. Katin yana cikin fos. A nan na tuna mutumin da ya matso kusa da ni a keke, wanda ya gaishe ni da sunana alhali ban san shi ba.

Na fara sauke muryoyin, intanet na rarrafe. Ta huɗu ba ta gama ba shafin ya ɗauke, ya dawo da rubutu: an canza kalmar sirri, an fitar da ni.

Baba ya cire hularsa a hankali. "Sunan wa ke farko a jerin?"

Na ce, "Ƙaninka, Basiru."

Ya kira shi sau uku, wayar tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.