Minti Ɗaya na Elhaji Abarci

Elhaji Abarci bai taɓa sayen ko allura ba tare da dillali ba, don haka ranar da Rahma mai ɗaukar bidiyo ta zo mangazarsa yin maganar talla, sai ta tarar da Samba, dillalin kasuwar shanu, zaune bisa buhun dusa da sandarsa a kafaɗa.

Elhaji abincin dabbobi yake sayarwa a Dakoro: dusa, ɗan auduga, kanwa, da harawar da ake kawo masa daga Sabon Maci. Bana ya cika mangaza har rufi, ya dogara da masu turkar ragunan Layya. Idan Layya ta wuce kaya na nan jibge, damina za ta shigo, ciyawa ta fito, dusa ta zama abincin ƙwari. Shi ya sa yake son talla ta zaga wayoyin mutane tun yanzu, kuma yana da abin nunawa: wani farin rago mai suna Kamiyo, wanda ya tashi da dusar gidan, sai mutum biyu ke iya riƙe shi.

Rahma ta yi karatun aikin a Maradi, ta dawo gida ta buɗe ɗan studiyo kusa da tasha. Ta gaida su, ta zauna, ta fara bayani dalla-dalla.

"Baba Elhaji, talla ce ta minti ɗaya. Yini guda za mu ɗauka, nan mangaza da wajen rago. Ni zan sa murya da Hausa. Jika ɗari da tamanin na sefa. Rabi abans kafin in ɗaga kamera, rabi ranar da na miƙa aiki. In na haɗa, zan turo maka na dubawa, da tambarina a tsakiya. Kana da gyara sau biyu."

"Albarka!" in ji Samba, tun kafin ta rufe baki.

"Baba Samba, ni ce mai sayarwa. Ni ke cewa albarka."

"To ce, ɗiyata, mu ji yadda kika iya."

Aka kai ruwa rana. Kuɗi ya sauko jika ɗari da hamsin. Elhaji ya so ya biya abans da buhunan dusa, Rahma ta ce kamerarta ba ta cin dusa. Sai aka zo kan gyara, nan ne Elhaji ya gyara zama, don ya ga abin da za a ja.

"Sau biyu? Tela ma sai in mayar mishi da riga sau biyar. Goma nike so."

"Baba, gyara ɗaya ba magana ɗaya ba ce. Ka kalla, ka tattara duk abin da kake son a sauya, ka gaya mini a zama guda, daga bakinka kai kaɗai. Wannan shi ne ɗaya. Kuma gyaran montaj ne: a cire, a sa, a sauya magana. In sai an sake fitowa da kamera, wannan wani ciniki ne. Minti ɗaya kuma ba ya ƙaruwa."

Samba ya kama hannun Elhaji ya ja shi gefe, ya dawo ya yi wa Rahma raɗa, ya sake komawa, kamar ana cinikin bijimi. A ƙarshe aka tsaya kan uku. Wanda ya wuce uku, jika ashirin kowane. Rahma ta rubuta a takarda, ta karanta da ƙarfi, Elhaji ya sa hannu, ya ƙirga abans, Samba ya ce shi shaida ne duniya da lahira, ya kuma nemi la'adarsa. Elhaji ya yini yana gaya wa mutane yadda ya ƙwaci gyara guda kyauta daga hannun ƴar boko.

Ranar ɗauka, Kamiyo ya tunkuyi ƙafar kamera, ya cinye gefen hular Samba, sannan ya tsaya gaban buhu yana ci kamar an biya shi. Da na dubawa ya shigo wayar Elhaji, sai da ya miƙe tsaye. Ga rago ya cika allo, ƙaho ya murɗe, ga buhuna reras, ga shi kansa cikin shuɗiyar shadda yana zuba dusa, ga lambar wayarsa a ƙarshe. Ya kalla, ya sake kalla, ya rungume wani leburansa, ya yi wa mai shayi kyautar da bai yi niyya ba. Rahma ta ce kada ya tura wa kowa, bai ma ji ba. Kafin la'asar ya aika wa dangi kaf.

Kawu Harisu ne ya fara kira daga garin Mai Yara. Ƙanen mahaifiyarsa ne, shi ya ba shi jarin buhun farko.

"Abarci, na gani. Rago ya yi kyau. Ashe rago ya fi ni."

"Subhanallahi, Kawu!"

"An faɗi sunanshi. Ni ban ji nawa ba."

A garin nan ba a tsayawa gaban jama'a a yi magana ba a gaida manya ba. Ko sanarwar suna aka kai rediyo, sai an jero gidaje ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda aka tsallake zai riƙe abin har jikokinsa. Elhaji ya san wannan, murna ce ta mantar da shi. Ya ruga studiyo ya ce a sa Kawu, da liman, da mai unguwa.

"Shi ke nan, Baba? Ka tattara duka? In na taɓa, ɗaya ya tafi."

"Taɓa, ɗiyata, ai muna da su da yawa."

Na biyu ya fito. Yanzu da aka ji sunan mutum uku, sai sauran suka gane cewa da gangan aka bar su. Saƙonnin murya suka dinga shigowa, waya har ta yi zafi. Surukai na Bader Goula, masu harawa na Sabon Maci, abokan tafiya Makka, Yaya Hawwa'u da ta goye shi, wadda ta ce ba komai, ita dama ta saba. Wasu suka samo lambar Rahma suna ba ta umarni kai tsaye, ita kuwa amsarta ɗaya: a bi ta bakin Elhaji. Elhaji ya kwashi sunaye ya kai.

"Baba, minti ɗaya ne fa. Kowane suna ya shiga, wani abu zai fita."

"Ki ƙara mintin."

"Sai mu kira Baba Samba mu sake ciniki, kuma ba wanda zai tsaya kallon minti uku na dusa."

"To ki matse."

Ta matse. Muryarta ta koma gudu kamar ana kora ta: iyalan wane da iyalan wane da iyalan wane. Hoton Elhaji ya tsaya cik a allo don sunaye su samu wurin wucewa. Kamiyo ya leƙo a ƙarshe, kafin ka ce rago ne ya ɓace.

Wannan ma ya zaga, da tambarin da komai. Washegari Elhaji na zaune ƙofar mangaza sai ga wasu Buzaye biyu sun sauka daga babur, fuska a murtuke cikin rawani. Babbansu, Agali, tsohon mai sayen kanwa ne a wurinsa. Da ya ɗaga ido ya ga Elhaji, sai ya ja da baya har ya taka ɗan'uwansa.

"Elhaji! Kai ne?"

"Da wa kake nema?"

"Mun ga hotonka a waya, ana jero dangi. Gaisuwa muka zo yi. Har na ce wa yara Allah ya jiƙan mutumin kirki."

Samba, wanda ke gefe yana shan shayi, ya ƙware. Ya faɗi bisa buhuna yana dukan ƙasa da sanda, hawaye na zuba. "Walle ko ni da na ji, sai da na ce yaushe za a kai shi!" Leburori suka ɓuya bayan kaya suna shessheƙa. Elhaji ya so ya yi fushi, dariya ta ci ƙarfinsa, har Agali ya kama shi suna tangaɗi tare. Amma da ya juya ya ga buhuna har rufi, sai dariyar ta yanke. Layya ta matso, kuma gyara ɗaya ya rage.

Wannan karon bai ruga ba. Ya aika aka kira Kawu Harisu da Yaya Hawwa'u da duk mai suna a ciki ranar kasuwa, aka shimfiɗa tabarmi gaban mangaza, aka kawo fura. Ya sa Rahma ta kunna bidiyon a ordinatarta, kwamfutar da take aiki da ita, ya sa Agali ya ba da labarinsa. Yaya Hawwa'u ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"To jama'a," in ji Elhaji, "gyara ɗaya ya rage mini, kuma daga bakina kaɗai ake karɓa. Samba, haka ne?"

"Ni ne shaida. Ni na ciwo mishi na ukun ma."

"Ɗiyata, ga gyarana. Cire sunan kowa. Har nawa hoton ki rage. A bar rago, da buhu, da lamba. A farko ki ce ana gaida manya da ƙanana baki ɗaya. Na gama."

"Ka tabbata, Baba? Daga wannan sai na kuɗi."

Kawu Harisu ya yi gyaran murya. Elhaji ya riga shi, cikin ladabi, kai a ƙasa.

"Kawu, ƙofa ba ta rufe ba. Duk mai son sunanshi ya koma, gyara na huɗu jika ashirin ne. Ya kawo, ni in kai da bakina."

Kowa ya sunkuya kan furarsa. Surukin Bader Goula ya ce shi dama bai cika son a riƙa kiran sunansa a waya ba. Liman ya ce ɓoye kai ya fi lada. Kawu ya dubi Kamiyo, wanda ke ɗaure yana tuƙa, ya ce in dai an cire na kowa, to shi ba shi da magana, amma a sani shi ya fara ba da jari.

Rahma ta mayar da rago wurinsa. Elhaji ya kalla sau ɗaya, ya cika rabin kuɗin, ta cire tambari ta tura masa mai tsabta. A makon, amalanke suka fara layi ƙofar mangaza, kowa na tambayar dusar da Kamiyo ke ci. Wasu kuma sun zo ne kawai su ga mamacin da ke ba da canji.

Wata rana da yamma Elhaji ya bi ta tasha, sai ya hango Kawu Harisu zaune a studiyo, Samba a gefensa da sanda. Kawu na son nasa bidiyon, na tarihin gidansu, da sunan kowa tun daga kakan kaka. Samba na cewa gyara goma, Rahma ta ɗaga yatsu biyu. Elhaji ya leƙa ta taga.

"Kawu, karɓi biyun. Kuma kada ka tura wa kowa."