Agogon Da Ya Koma Baya

Saura minti arba'in mai duba cibiyoyin jarrabawa ya iso, Injiniya kuwa yana gaban babbar kwamfutar makarantar, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Injiniya laƙabi ne kawai. Shekara ashirin yana amsa shi, babu wanda ya taɓa neman ganin takarda.

Manhaja ɗaya ta rage ya sauke. In ba ta kan na'urar ƙarfe goma, za a cire makarantar daga jerin cibiyoyi, ɗalibai tamanin su nemi wani wuri. Sau shida yana ba da umarni, sau shida jan rubutu yana fitowa: an kasa tabbatar da takardar shaidar rumbun intanet da ake ɗauko manhajar daga cikinsa.

Shugabar makarantar, wadda kuma yayar matarsa ce, ta tsaya a bayansa.

"Ƙanena, ya ake ciki?"

"Intanet ne, Yaya."

"Ɗazu ma intanet ne. Ga shi ina kallon bidiyo da shi a wayata."

Ya kashe na'urar intanet ya kunna. Ya sauya wayar da ta haɗa ta da kwamfutar. Ya koma wani rumbun, amsar ba ta canza ba. Akwai umarnin da zai sa kwamfutar ta daina duba shaida, ta haɗiye duk abin da aka miƙo mata. Har ya rubuta rabinsa, ya goge. Na'urar jarrabawa ce. In wani abu ya shigo, sunansa za a kira.

Saura minti goma sha biyu, sakatariya ta leƙo da fayil a hannu.

"Injiniya, in ka gama, ka duba min kwanan watan na'urar nan. Tun makon jiya duk abin da na ajiye a kanta sai ta ce shekara goma sha biyu da suka wuce na yi shi. Ni lokacin ko aure ban yi ba."

Sai a lokacin ya karanta jan rubutun har ƙarshe, abin da yake yi wa kowa wa'azi a kai. Ba cewa aka yi shaidar ta lalace ba. Cewa aka yi lokacin fara aikinta bai yi ba. Kowace shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ita kuwa kwamfutar, ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, ta koma ɗaya ga Janairun wata tsohuwar shekara. Daidaita lokaci ta intanet kuma shi da kansa ya kashe bara, bisa wata hikima da ya manta.

Ya gyara kwanan watan da hannu. Manhajar ta fara sauka. Tana ƙarewa aka ji ƙarar mota a bakin ƙofa.

"Me ya faru ne wai?" in ji Shugaba.

"Matsala ce mai zurfi, Yaya. Kada dai kowa ya zare wutar nan sai na sayo batir."

Sakatariya ta dube shi, ta dubi fayil ɗinta, ta fita tarbar baƙo.