Riga Arba'in da Biyar a Bandir

Shekara huɗu ke nan da aka ɗaga ta daga kan keken ɗinki aka kai ta teburin yanka, amma albashinta bai san da labarin ba. A kamfanin da ke ɗinka kayan makaranta kowa Almakashi yake ce mata, har da Manaja. Ita ke shimfiɗa yadi, ta jera kwalayen samfuri, ta zana da alli, ta yanka. Ita ke koyar da sababbi. Ƙarshen wata kuma a ba ta kuɗin mai ɗinki, ta ce an gode.

Abin ya ishe ta. Ta riga ta gaya wa mijinta cewa in shekara ta ƙare ba a ƙara mata ba, za ta ajiye aikin ta koma facin kayan maƙwabta a tsakar gida. Da baki kawai ta faɗa, amma zuciyarta ba ta so. Tana son teburin nan kamar me.

Ranar hutu ta ɗauki takardar da ta rubuta wa Manaja ta nufi gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta yi shekara talatin tana buga tafireta a ofis. Gwaggo ta ɗora tabarau a kan hanci ta karanta da ƙarfi, don mugunta.

"'Ina mai durƙusawa a gabanka, a dubi halin da nake ciki, yara huɗu, ga tsadar rayuwa.' Ikon Allah! 'Yar nan, ƙarin albashi kike nema ko sadaka?"

"To ai gaskiya na faɗa, Gwaggo."

"Gaskiya ce, amma ta kowa ce. Shi Manajan ba shi da yara? Irin wannan takarda ɗari sun bi ta hannuna. A ce Allah sarki, a jefa a durowa. Me kike yi wa mutanen nan wanda wata ba ta yi?"

An reni Almakashi a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai da Gwaggo ta yi ta tatsa kafin magana ta fito. Ashe kafin ita, bandir ɗaya riga arba'in yake bayarwa. Ita kuwa ba ta jera samfuri a layi kamar yadda aka saba. Tana juya hannun riga kai da ƙafa, ta cusa kwala da aljihu a gurbin hammata inda da ake zubarwa. Yadin da ya ragu sai ta naɗe ta mayar wa mai sito, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don kada a ce tana neman suna.

Gwaggo ta cire tabarau. "Kin ji sakarci. Kina haifa musu yadi, kina ɓoyewa kamar abin kunya! Akwai shaida?"

Shaida akwai. Mai sito mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa, ko allura ba ta fita sai ya rubuta. Kwana uku Almakashi tana hana kanta hutun rana, tana zaune a kan benci a ƙofarsa tana kwafe bandir nawa ya fita, riga nawa ta shigo, wata goma sha biyu cif.

A nan suka saɓa da Gwaggo. Wata goma sha ɗaya, riga arba'in da shida a bandir. Ɗaya watan kuwa talatin da shida, domin an kawo yadi mai ratsi, ta juya samfurin yadda ta saba, ratsin hannu ya kalli wani waje, aka yi asara.

"Cire wannan watan," in ji Gwaggo. "Wa ke kai aibinsa kasuwa?"

"Ba zan cire ba. Littafin yana nan, kuma ni na ɓata."

Gwaggo ta ja tsaki, amma ta bari. Takardar da suka gama shafi ɗaya ce. Bayan gaisuwa, ta ce:

"Ina neman a ƙara mini albashi da kashi ashirin cikin ɗari, kuma a mayar da matsayina na mai yanka, aikin da nake yi shekara huɗu. A shekarar nan bandir ya ba da riga arba'in da biyar a matsakaici, maimakon arba'in. Lissafin ya haɗa da watan da na yi kuskure a yadi mai ratsi, wanda tun daga lokacin ban sake ba. Na koyar da ma'aikata shida, biyar suna nan. Na haɗa da kwafin bayanan sito. Ina jin daɗin aiki a nan, kuma zan so mu zauna a kan wannan a lokacin da ya dace da kai. Na gode."

Kashi ashirin ɗin ba daga sama suka tsinto ba, sai da Almakashi ta tambayi masu yanka biyu na wasu kamfanoni. Ta so ta ƙara cewa in ba haka ba za ta tafi. Gwaggo ta ce ba a nuna wa mutum ƙofa alhali ana so ya ba da kujera. Ta kuma sa ta kai takardar da wuri, kafin a tsara kasafin sabuwar shekara, ta riƙe kwafi ɗaya.

Kwana tara shiru. Duk lokacin da Manaja ya ratsa ɗakin ɗinki sai ta duƙufa kan yadi. Ta tabbata yana ganin ta yi butulci.

Ran na goma aka kira ta. Ofis ne ƙarami, fanka na kaɗa takardu, littafin mai sito a buɗe a kan tebur.

"Zauna," in ji Manaja. "Na bi lissafinki layi-layi. Da kin cire watan ratsin nan, arba'in da shida za ki rubuta. Me ya hana?"

"Ranka ya daɗe, ai da hannun da na yi sauran na yi shi."

Ya yi murmushi. "Shi ya sa ban yi shakkar sauran ba. Na kai wa mai kamfani. Matsayin mai yanka naki ne daga wata mai zuwa. Amma kashi goma sha biyu ya yarda, ashirin ba za ta yiwu yanzu ba."

Bakinta ya riga ya buɗe zai ce an gode, kamar kullum. Ta danne shi.

"Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe, na karɓa. Sauran takwas ɗin, ko za a sake dubawa bayan wata shida in lissafin ya tsaya a haka?"

Ya ɗan dube ta. "Za a iya. Ban yi alkawarin takwas ba, amma za a zauna."

"To ina roƙon a sa mini hakan a rubuce."

Manaja ya yi dariya har da buga tebur, ya jawo biro ya rubuta ranar da za a zauna a gefen takardarta, ya ce sakatariya za ta buga ta kawo mata kafin a tashi.

Ta fito da nutsuwa kamar ba komai. Sai da ta sha kwana ta bayan sito sannan ta zauna daɓas a kan wani bandir. Murna ce ta kama ta, da wani ɗan haushin shekara huɗu da ta yi tana shiru. Ta ciro waya ta kira mijinta.

"Ya aka yi?" ya ce. "An ba ki?"

"An ba ni," ta ce. "Kuma wallahi ban roƙi kowa ba."